Ƙungiyar mawaƙan da ta rasa ginshiƙanta mako biyar kafin gasa

Wannan nazari ne a kan ƙungiyar mawaƙa ta wata ikilisiya a wani gari na kudancin jihar Kaduna, inda ake sujada da Hausa, da kuma matar da ke koya musu waƙa. An sakaya sunan garin da na mutanen. Abin ya faru ne a ƙarshen shekarar 2022.

Yadda ƙungiyar take kafin matsalar

Malamar waƙar malamar firamare ce, ta haura shekara arba'in, kuma ta daɗe tana riƙe da ƙungiyar. Mawaƙanta talatin da huɗu ne, a muryoyi huɗu kamar yadda aka saba: sofrano goma sha uku, alto tara, teno shida, bas shida. Yawancinsu manoma ne da 'yan kasuwa da matan aure, sai wasu matasa. Suna koyon waƙa sau biyu a mako, Talata da Alhamis da yamma, da tsarin solfa, wato do re mi, wanda mishan suka shigo da shi majami'u kuma har yau da shi ake koyar da yawancin mawaƙan ikilisiya a Arewa. Malama kan rubuta baƙaƙen a allo, ta rera layi, a maimaita.

A ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki, ɗalibai suka dawo gida. Shida daga cikinsu 'yan wannan ikilisiya ne, kuma dukansu sun yi waƙa a ƙungiyoyin ɗalibai Kirista na makarantunsu. Uku sofrano ne, biyu teno, ɗaya bas, kuma da su ne aka cika talatin da huɗun. Suna karanta solfa kai tsaye daga takarda, muryoyinsu sun goge, ga shi ba su da abin yi sai zaman jiran a buɗe makaranta. Cikin 'yan watanni ƙungiyar ta canja kamanni. Waƙar da da sai an yi mako uku ana fama da ita, yanzu zama biyu ya ishe ta. Jama'a suka fara yabo bayan sujada, Malama kuma ta fara ɗauko waƙoƙi masu wuya waɗanda da ba ta kusantarsu.

A watan Agusta takardar gasar mawaƙa ta gunduma ta iso. Za a yi ta ranar Asabar ta ƙarshe a watan Nuwamba. Kowace ƙungiya za ta rera waƙa biyu: ta dole, wadda aka zaɓo daga littafin waƙoƙin ikilisiya, baiti huɗu, ba tare da kiɗa ba, da ta zaɓi, wadda aka yarda a saka mata kayan kiɗa. Alƙalai za su ba da maki a kan daidaiton murya, haɗuwar muryoyi, lafazi, da tsayuwa da kamala. Waƙar dole a ki na G aka rubuta ta, wato a kan sautin G aka ɗora do ɗinta. Don ta zaɓi, Malama ta ɗauki wata waƙa mai sassa da yawa, inda sofrano ɗaya ke fita ita kaɗai ta hau sama, teno biyu su bi ta. Da muryoyin ɗaliban nan a kunnenta ta zaɓe ta.

14 zuwa 23 ga Oktoba: tafiyar ɗalibai

Ranar Juma'a 14 ga Oktoba ASUU ta dakatar da yajin aikin bayan wata takwas. Jami'o'i suka fara kiran ɗalibai, wasu da sanarwar cewa jarrabawa na nan tafe ba da jimawa ba. Kafin kwana goma duka shidan sun kama hanya. Saura mawaƙa ashirin da takwas: sofrano goma, alto tara, teno huɗu, bas biyar. Saura mako biyar gasa.

A lissafi, an rasa mutum shida cikin talatin da huɗu, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A zaman farko bayan tafiyarsu, abin da aka ji ya wuce haka nesa. Malama ta ɗaga hannu, ta sauke, ba wanda ya shiga. Ta sake, sai wasu muryoyi biyu suka leƙo da tsoro, sauran suka biyo baya. Teno suka ɓace tun a layi na biyu, suka koma rera muryar sofrano a ƙasa. Waƙar da aka yi wata biyu ana rerawa lafiya ta zama kamar ranar aka fara ganinta.

24 ga Oktoba zuwa 6 ga Nuwamba: abin da aka fara gwadawa

Tunanin farko shi ne a cike gurbin. Wani dattijon ikilisiya ya kawo shawarar a aro mawaƙa daga wata majami'a ta wata gunduma. Malama ta koma ga takardar gasar, ta ga an rubuta cewa sai wanda sunansa ke cikin rajistar ikilisiyar zai tsaya, kuma faston wurin zai sa hannu a jerin sunayen. Da aka kai wa faston maganar sai ya ce, “Malama, hannuna ba zai hau takardar da na san ba gaskiya ba ce.” Ta ce, “Haka ne, Baba. Ni ma ban so ba.” Nan maganar ta mutu.

Sai aka koma kan ɗaliban. An yi lissafin kuɗin motar da zai dawo da su ranar Juma'ar gasa su koma Lahadi. Biyu sun ce za su yi ƙoƙari, sauran suka ce jadawalin jarrabawa bai fito ba, ba za su iya alkawari ba. Wannan “za mu yi ƙoƙari” ya yi ɓarna fiye da a ce a'a kai tsaye, domin mako biyu cur Malama ta bar waƙar zaɓi yadda take, ana tsallake sashen mai fita ita kaɗai ana cewa idan ta zo za ta yi. Ƙungiyar na koyon waƙa mai rami a tsakiya.

Abu na uku, ta ɗauke mace mafi ƙarfin murya a alto ta mayar da ita sofrano don ta ja su. Matar tana da kunne, ba ta kuskure, amma muryarta ba ta wurin ba ce. A ki na G, do na sama yana kan G na sama, wanda ko ga sofrano ta ainihi da ba ta sami horo ba wuri ne mai tsawo. Ta riƙa turawa da maƙogwaro, jijiyar wuyanta na tashi, sautin na fita da kaifi kuma yana ɗan kasa kaiwa. A can baya kuma alto, da su kaɗai ne ba su rasa kowa ba, suka rushe, don ashe ita suke bi.

Na huɗu, aka mayar da koyon waƙa kullum, awa biyu zuwa uku. Lokacin girbi ne, mutane na dawowa daga gona a gajiye, hunturu ya fara saukowa da ƙura da bushewar iska. Kafin kwana goma mutum biyar muryarsu ta dishe, ciki har da matar da aka mayar sofrano. Masu zuwa suka fara raguwa; wata rana mutum goma sha bakwai kawai suka zo.

Ranar Lahadi 6 ga Nuwamba suka gwada waƙar dole a gaban jama'a. Wani yaro mai buga kibod ya ba su do, suka fara. Da suka gama baiti na huɗu Malama ta yi masa alama ya sake taɓa G a hankali. Sun sauka kusan mataki guda cur daga inda suka fara. Bas kuwa tun a baiti na uku sautinsu ya fara raguwa, domin waƙar tana nitsewa zuwa ƙasan muryarsu.

7 zuwa 12 ga Nuwamba: gano ainihin ciwon

Ranar Litinin Malama ta kira ɗaliban ɗaya bayan ɗaya ta sallame su da kanta. Ta ce wa mai fita ita kaɗai, “'Yata, ki zauna ki yi karatunki, kada ki sa gasar nan a ranki. Mun cire ki daga lissafi, ba don fushi ba.” Daga nan ta ba kowa hutun kwana biyu ba waƙa.

Ranar Alhamis ba ta tara su wuri ɗaya ba. Ta riƙa kiran mutum huɗu huɗu, ɗaya daga kowace murya, su tsaya su rera baiti na farko, tana ɗauka a waya. Wannan gwaji ba ya ƙarya, domin ba wanda za ka fake a bayansa. Cikin mutum ashirin da takwas, tara ne kaɗai suka iya kai muryarsu daga farko zuwa ƙarshe ba tare da sun zame zuwa ta wani ba. Sauran sun san yadda waƙar take a kunne, amma ba su san nasu layin ba.

Da ta zauna da dare tana sauraron abin da ta ɗauka, da kuma wani tsohon ɗauka na watan Satumba lokacin ɗaliban na nan, sai ta ji abin da ta yi watanni ba ta lura da shi ba. A na Satumba, kowane layi muryoyi biyu ko uku ne ke buɗe shi, sauran su faɗo a bayansu da ɗan taƙaitaccen jinkiri, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Baƙin farko na kowace kalma, irin su k da t da y, daga bakin mutum ƙalilan yake fita; jama'a a kan wasali suke shigowa. Ma'ana, mutum ashirin da wani abu ba hannun Malama suke kallo ba, ba kuma solfa suke tunawa ba. Kunne suke kasawa su ji inda ta gefensu ta nufa, su bi. Muddin ta gefen tana nan, ba mai ganewa. Wannan hali yana nan a kusan kowace ƙungiyar mawaƙa ta sa kai, kuma alamominsa ke nan: shiga a makare, farkon kalma a dushe, da idanun da ke kallon gefe maimakon gaba.

Saukar murya kuma ta gano inda take faruwa. Wuri biyu ne a kowane baiti. Na farko inda sofrano ke saukowa daga do zuwa ti: tazarar rabin mataki ce, amma suna buɗe ta fiye da kima, sai ti ta faɗi ƙasa, kuma idan suka koma do ba sa komawa inda suka baro. Na biyu a layi na uku, mai tsawo, inda numfashi ke ƙarewa kowa kafin ƙarshe. Idan iska ta ƙare sauti yakan sunkuya. Kaɗan kaɗan a kowane baiti, sau huɗu, shi ya tara mataki guda.

13 zuwa 25 ga Nuwamba: gyara

Abu na farko da ta taɓa shi ne ki. Ta tambayi kwamitin gasar ko dole ne a rera a G, aka ce an yarda a ɗaga ko a sauke, muddin ba a canja waƙar ba. Sauke ki yana da iyaka, kuma bas ne ke nuna iyakar. A G, do na ƙasa na bas yana kan G na ƙasa, wurin da kowane bas ke kaiwa cikin sauƙi. Idan aka sauke mataki ɗaya zuwa F, sofrano sun sami sauƙi, do ɗinsu na sama ya dawo F, bas kuma suna gab da ƙasan muryarsu amma ana jin su. Ta gwada sauke wani matakin kuma, sofrano suka ji daɗi ƙwarai, amma bas biyar ɗin suka koma gurnani mara sauti, waƙar ta rasa gindi. Aka tsaya a F. A wuri ɗaya da bas biyu ba sa kaiwa ko a F ɗin, ta ce su biyun su ɗauki do na tsakiya, ukun da ke iyawa su riƙe na ƙasa.

Sannan ta mayar da matar nan alto, wurinta. Gurbin teno kuma ba ta nemo sababbin maza ba. A cikin alto akwai dattijai mata biyu 'yan zumuntar mata masu kaurin murya, waɗanda dama layin alto kan yi musu sama. Layin teno na wannan waƙa yawancinsa a saman muryar maza yake yawo, wurin da su kuma nan ne tsakiyar tasu. Ta mayar da su can. Ɗayarsu ta yi dariya ta ce, “Malama, yau kuma maza muka zama?” Amma da aka gwada, sautin teno ya cika, mazan huɗu kuma suka daina ihu don a ji su. Tsarin ya koma sofrano goma, alto bakwai, teno shida, bas biyar.

Koyon waƙa ya koma sau uku a mako, awa ɗaya da rabi, kuma rabin lokacin kowace murya a keɓe take, wasu a cikin majami'a, wasu a ajin makarantar Lahadi, wasu a gindin mangwaro. Mutum taran nan da suka ci gwaji su aka raba su jagoranci sassan, da sharaɗi ɗaya: jagora zai rera layi sau biyu, sannan ya yi shiru sauran su yi su kaɗai. Malama ta rera kowace murya ita kaɗai a waya, da solfa sannan da kalmomi, ta tura ta WhatsApp. Waɗanda ba su da babbar waya aka saka musu a katin memori. Mata na ji suna girki, maza na ji a hanyar gona. Ta hana shan ruwan sanyi da ihu a kasuwa iya yadda za a iya, ta ce kowa ya zo da gorar ruwa, kuma minti goma na farko a yi su da gunji a hankali baki rufe kafin a buɗe murya.

Don shiga tare, ta canja yadda take ba da alama. Da hannu kawai take saukewa. Yanzu sai ta ɗaga hannu tana jan numfashi a fili, kowa ya ja tare da ita, saukar hannun ta zo daidai da fitar sauti. Mutanen da suka ja numfashi tare da wuya su shiga a rarrabe. Ta kuma riƙa yi musu wata dabara: a tsakiyar baiti sai ta dunƙule hannu, kowa ya yi shiru yana ci gaba da waƙar a zuci, bayan layi ɗaya ta buɗe hannu a ci gaba da murya. Ranar farko kowa ya fito a wuri dabam. A mako na biyu suna fitowa a kalma ɗaya.

Wuraren saukar murya biyu ta yi musu magani dabam dabam. A do zuwa ti, ta ce wa sofrano su ɗauka ti tana manne da do, kada su sauka, su jingina kawai. Ta sa su yi do ti do sau da yawa, yaron kibod na taɓa do bayan kowane zagaye su ji ko sun dawo gida. A dogon layi kuma ta raba numfashi: rabin kowace murya su ja iska bayan kalma ta uku, rabin bayan ta biyar, a ɓoye, yadda mai sauraro zai ji layin bai yanke ba. Ranar 22 ga wata aka rera baiti huɗu, aka taɓa F, saukar ba ta kai rabin mataki ba.

Waƙar zaɓi ita ce hukunci mafi zafi. Saura kwana goma sha biyu ta ajiye waƙar da aka yi wata uku ana koyo. Wasu matasa sun ji haushi, ɗaya ya ce da waƙar 'yan ƙauye za a je gasa? Abin da ta ɗauko wata tsohuwar waƙa ce ta bayarwa da amshi da aka daɗe ana yi a ikilisiyar, wadda kowa ya tashi da ita. Ta tsara amshin a muryoyi huɗu masu sauƙi, ta ba sofrano uku bayarwa tare maimakon mutum ɗaya, don idan ɗaya ta tsorata biyu su riƙe. Kiɗan tulu ne da ganga ɗaya da kacau-kacau, ta kuma ja wa makaɗan kunne kada su rufe kalmomi. Tun da an huta da wahalar sauti, sai lokacin ya tafi a kan lafazi. Yawancin mawaƙan Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, ƙ da ɗ da ɓ sukan zame musu, dogon wasali kuma ya gajarce. Aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ana faɗa ba waƙa, sannan a ɗora sauti.

Ranar gasa

Ƙungiyoyi tara suka tsaya. Su ne na shida a jeri, wanda ya sa suka yi kusan awa uku a zaune cikin ƙura kafin a kira su. Malama ta fitar da su bayan majami'a suka yi gunji na minti goma. Mutum ashirin da bakwai suka hau, bas ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi.

A waƙar dole sun shiga tare. A baiti na uku teno suka yi tuntuɓe a layi na biyu, amma suka dawo da kansu kafin layin ya ƙare, abin da mako uku baya ba zai yiwu ba. Sautin bai da girma, kuma a wurare masu tsawo an ji sofrano sun yi siriri. Waƙar zaɓi ta tafi lafiya, har jama'a suka kama amshi.

Sun zo na uku. A takardar alƙalai sun fi kowa maki a lafazi, sun zo na biyu a haɗuwar muryoyi. Inda suka zubar da maki shi ne ƙarfin sauti, da kuma sauƙin waƙar zaɓi: alƙali ɗaya ya rubuta cewa ba ta nuna iyakar abin da ƙungiyar za ta iya ba. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ta fi su yawa da gogewa, kuma ta cancanta.

Abin da za a iya yankewa

Tafiyar ɗaliban ba laifin kowa ba ce, kuma ba abin mamaki ba ce. Tun ranar da aka fara yajin aiki an san wata rana zai ƙare. Kuskuren da ya fi tsada an yi shi ne a watan Agusta, lokacin da aka gina waƙar gasa a kan mutum ukun da zamansu na aro ne, da kuma watannin da aka ɗauki saurin koyon waƙa a matsayin ci gaban ƙungiya alhali mutum shida ne ke koyo sauran na bi. Gwajin mutum huɗu huɗu da aka yi a Nuwamba awa biyu kawai ya ci. Da an yi shi a Yuni, da ɗaliban nan su ne za su zama malaman sassa na wata huɗu.

Matakan mako biyu na farko duk sun gaza ne don dalili ɗaya: an ɗauka ƙarancin murya ne matsalar, sai aka nemi ƙarin murya, ta aro, ta jira, ta matsawa. Ƙarin awoyi ma bai taimaka ba, domin maimaita waƙa a taro yana ƙara wa mai bi ƙwarewa a bi ne kawai, ga gajiyar maƙogwaro a kai. Waɗanda suka yi aiki su ne waɗanda suka rage wa mawaƙan nauyi zuwa abin da za su iya ɗauka, wato sauke ki da canja waƙa, da waɗanda suka tilasta kowa ya riƙe layinsa.

Canja waƙar zaɓi ya jawo asarar maki, alƙalin ya yi gaskiya. Ina ganin duk da haka Malama ta yi daidai, domin waƙa mai wuya da ta watse a tsakiya da ta ci su fiye da haka. Abin da ba zai gyaru a mako biyu ba shi ne girman murya da iya karanta solfa. Waɗannan aikin shekara ne. Tun daga Janairun da ya biyo baya, minti ashirin na farkon kowace Talata na karatun solfa ne daga allo ba tare da an rera wa kowa ba, kuma a ƙarshen kowane wata ana kiran mutum huɗu huɗu. Ɗaliban da suka dawo hutun Kirsimati an karɓe su, amma a layin baya aka tsayar da su.